Darasin Lissafi: Ƙofa Uku, Mota Ɗaya, Akuya Biyu

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a barkanmu da yamma, daga nan cikin birnin Katsina. Auta, ɗan sauko da wayar ƙasa kaɗan, tabarmar nake so su gani da kwanonin nan. Yawwa, haka.

Yau maganar ƙofofi uku za mu yi. Wasa ne da ya samo suna daga wani mai gabatar da shirin talabijin a Amurka, Monty Hall. Ana nuna maka ƙofa uku a rufe, bayan ɗaya akwai mota, bayan sauran biyun akuya ce. Ka zaɓi ɗaya, ba za a buɗe maka ba tukuna. Shi mai shirin ya san inda motar take, sai ya buɗe ɗaya daga cikin biyun da ka bari, ya nuna maka akuya, sannan ya ce: za ka zauna a kan zaɓinka, ko za ka koma ɗayar da ta rage? Kusan kowa cewa yake duk ɗaya ne, ƙofa biyu suka rage, rabi da rabi. To ba haka ba ne. Wanda ya canza yana cin motar sau biyu cikin uku, wanda ya zauna sau ɗaya cikin uku.

Ba mu kaɗai abin ya ruɗa ba. A 1990 wata mata, Marilyn vos Savant, ta ba da wannan amsa a mujallar Parade, wasiƙu wajen dubu goma suka zubo mata, akasari ana cewa ta yi kuskure, cikin masu rubutun har da masu digirin digirgir. Ita ce ke da gaskiya, kuma da ƙirga kawai za mu gani, babu wani dogon lissafi.

Ga kwanon sha uku na kife, na ɗora musu lamba da alli, 1, 2, 3. Makullin babur ɗina shi ne motar. Na fi son kwanon ƙarfe a kan kofin roba, don roba idan haske ya bugi bayanta ana hango inuwar abin da ke ciki. Amma a shimfiɗa tabarma ko tsumma a ƙasa, in ba haka ba ƙarar makullin za ta tona asiri. Kwanon da babu komai a ƙarƙashinsa shi ne akuya.

Auta, zaɓi ɗaya.

Auta: Na ɗauki na ɗaya, Yaya.

Madalla. Ya ɗauki lamba 1. Yanzu ku bar tunanin ƙofa nawa suka rage, ku tambayi abu guda: ina makullin zai iya kasancewa? Wuri uku ne, babu na huɗu.

Idan yana ƙarƙashin 1, Auta ya dace tun farko. Ni mai shiri zan ɗaga 2 ko 3, duk wanda na ga dama, tunda duk wayam ne. Ya canza, ya yi asara. Ku rubuta: zama ya ci ɗaya.

Idan yana ƙarƙashin 2 fa? Nan ku lura da hannuna sosai. Ba zan taɓa 1 ba, nasa ne. Ba zan ɗaga 2 ba, makullin na ciki, in na ɗaga wasa ya tashi. To me ya rage mini? Dole 3. Ba zaɓi na yi ba, tilas ce. Kuma da na ɗaga 3, wanda ya rage a kife ban da nasa shi ne 2, mai makullin. Ya canza, ya ci.

Idan yana ƙarƙashin 3, haka dai, sai na ɗaga 3... a'a, afuwan, 2 zan ɗaga, 3 ai shi ke da makullin. Na ɗaga 2, 3 ya rage, ya canza ya ci.

Ku ƙirga: hali uku, canji ya ci biyu, zama ya ci ɗaya. Da Auta 2 ko 3 ya zaɓa tun farko, lissafin bai sauya ba, ku jera su da kanku za ku samu tara, shida na mai canji ne. Gajeriyar hanyar da nake bai wa ɗalibaina ita ce: mai canji yana faɗuwa ne kawai idan zaɓinsa na farko mota ne. Sau nawa zaɓin farko ke zama mota? Ɗaya cikin uku. Sauran biyun akuya ka riƙe, mai shiri ya kawar maka da ɗaya akuyar, abin da ya rage mota ce.

Auta: Amma Yaya, ni huɗu nake gani, ba uku ba. A na farkon ai ka ce kana iya ɗaga 2, kana iya ɗaga 3. Wannan biyu ke nan da zan faɗi in na canza. Ga biyu da zan ci. Biyu da biyu, ai rabi ne.

Allah ya yi maka albarka, wannan ita ce tambayar. A nan na fi son mu daɗe, don ni kaina wurin nan ya hana ni barci lokacin da nake ɗalibi. Akwai daren da muka raba dare muna musu a teburin mai shayi wajen Ƙofar Ƙaura, ni da wani abokin karatuna, shi yana cewa huɗu ina cewa uku, har mai shayi ya fara kwashe benci. Sai washegari na gane inda gizo ke saƙa: jerin nasa daidai ne, hali huɗu ne, amma huɗun ba nauyinsu ɗaya ba.

Miƙo mini waken nan. Na riga na ƙirga, ƙwaya 60 ne, kowace ƙwaya wasa ɗaya ce, kuma a duk wasannin Auta lamba 1 yake ɗauka. Tunda makullin ba ya fifita kowane kwano, zan raba waken uku daidai: 20 gaban kwano na 1, 20 gaban na 2, 20 gaban na 3. Matso da wayar su ga tsibin.

Tsibin da ke gaban na 2, duka ashirin ɗin 3 na ɗaga, babu rabuwa. Tsibin gaban na 3, duka ashirin ɗin 2 na ɗaga. To tsibin gaban na 1 fa, inda nake da zaɓi? Ga shi na sa yatsa na tsaga shi biyu: 10 na ɗaga 2, 10 na ɗaga 3. Kun gani? Tsibi huɗu ne yanzu a tabarma, kamar yadda Auta ya faɗa. Amma dubi girmansu: 10, 10, 20, 20. Tsaga tsibi biyu bai ƙara masa ko ƙwaya ɗaya ba, ashirin ɗin nan dai ce. Wanda ya yanka tsire tsinke ɗaya gida biyu bai zama mai tsinke biyu ba. Don haka zama ya ci 10 da 10, ashirin. Canji ya ci 20 da 20, arba'in. Arba'in cikin sittin, biyu cikin uku ke nan.

Bari in ƙara matsawa, don wani zai ce, to ai yanzu na riga na ga an buɗe 3, lissafi ya sake. Bismillah, mu kwashe duk waken da aka ɗaga 2 mu ajiye gefe. Me ya rage? Ƙwaya 10 gaban kwano na 1, ƙwaya 20 gaban na 2. Talatin, ashirin daga ciki na mai canji ne. Ƙofa biyu suka rage, gaskiya ne, amma ɗaya ta ninka ɗaya nauyi.

Kafin in manta, masu shirin jarrabawar kammala sakandare, darasinmu na ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar yana nan, kuma wannan makon babin yiwuwar aukuwa muke ciki, irin wannan ƙirgar ce daga farko har ƙarshe. A zo da littafin rubutu da biro, wake ni zan kawo. Iyaye masu tambaya, akwai ajin 'yan mata daban da safe.

To, sharaɗi. Duk abin da na faɗa ya rataya ne a kan halin mai shirin: ya san inda motar take, kullum akuya yake buɗewa, kuma kullum yana ba da damar canji. Cire ɗaya daga cikin waɗannan, amsa na iya sauyawa. A ce ni ma ban san inda makullin yake ba, na rufe ido na ɗaga 2 ko 3 bisa ƙaddara. Mu maido da waken. Tsibin na 1, ashirin, duk abin da na ɗaga wayam ne, suna nan. Tsibin na 2, a goma zan ɗaga 2 makulli ya bayyana, wasa ya lalace, a kwashe su, goma suka rage. Na 3 ma haka, goma. Yanzu ƙirga: zama 20, canji 10 da 10, ashirin. A nan ne rabi da rabi ya zama gaskiya. Kun ga abin da sanin mai shiri ke yi ke nan, shi ne ya hana waɗancan ƙwayoyi ashirin ficewa daga tabarma. Haka kuma idan mai shirin mai wayo ne, sai ya ga ka dace sannan yake tayin canji, to duk ranar da ka canza ka faɗi. Shi ya sa nake roƙonku, kada wani ya ɗauki wannan darasi ya tsaya gaban masu karta uku a tasha. Can babu waɗannan sharuɗɗa, caca ce da zamba, kuma kun san hukuncinta.

Ku gwada a gida, mutum biyu. Mai ɓoyewa kada ya zaɓi kwano da ka, don mutum yana da kwanon da hannunsa ya saba zuwa, abokin wasa kuma zai gano. Ku jefa ɗan lido: 1 ko 2 kwano na farko, 3 ko 4 na biyu, 5 ko 6 na uku. Ku yi talatin kuna canzawa kowane karo, kuna jan layi a takarda. Kada ku sa ran ashirin cif, za ku iya samun 17, za ku iya samun 23, duk babu laifi. Wasa biyar ko shida ba ya nuna komai, kada a yi uku a faɗi biyu a ce Malam ya yi ƙarya. Idan kuma kun yi da yawa, kamar ɗari, kuka ga abin ya tsaya wajen rabi, ku binciki mai ɓoyewa: galibi yana mantawa da inda ya sa makullin, yana ɗaga shi, kuna cewa a sake wannan ba a ƙirga ba.

Aikin gida: kwano huɗu, makulli ɗaya, mai shiri ya san wurin, ya ɗaga wayam guda ɗaya tak, kai kuma in za ka canza sai ka zaɓi ɗaya cikin biyun da suka rage. Ku zuba wake 24, shida gaban kowane kwano, ku gaya mini nawa zama ya ci, nawa canji ya ci. Auta, an fara kiran magariba, tattara waken nan ka mayar wa Inna, miƙo mini makullin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.