Wasiƙar farko ga mai saye na ƙasar waje: maganar samfuri

Jama'a, abubuwa huɗu zan faɗa kan imel ɗin farko da mai fitar da kaya yake aika wa wanda bai taɓa saninsa ba. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Na farko, kan saƙo, wato taken imel ɗin. Kada ka rubuta "neman hulɗar kasuwanci", irin wannan ko buɗewa ba a yi. Sa sunan kayan, misali jemammiyar fatar akuya, kaurin milimita 0.8 zuwa 1.0, akwai samfuri. Na biyu, gaisuwa layi ɗaya ta isa. Na san da wuya, mu da sai mun tambayi gida da gajiya, amma shi wannan bawan Allah saƙonni ne jibge a gabansa. Faɗi ko kai wane ne, nawa kake iya fitarwa a wata, mafi ƙarancin odar da kake karɓa, sannan farashi da sharaɗinsa. FOB ne, wato farashin kaya har a loda su a jirgin ruwa, ko CIF, wato har da kuɗin kai su tashar mai saye? A dokokin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms na 2020, in ka ce FOB sai ka ambaci tashar da za a yi lodi, in CIF ne kuma tashar da za a sauke, don kuɗin jirgi da inshora suna ciki.

To, samfuri. Nan nake so ku ajiye biro ku saurara. Mutum yana da fata daraja uku, sai ya tsamo mafi kyau guda ɗaya, ba tabo ba huji, ya aika. Mai saye ya yaba, ya yi oda. Kwantena ta isa, ya buɗe, ya tarar rabi daraja ta biyu ce. Shi a wurinsa samfurin nan alkawari ne, da shi zai auna kowace fata. Sai ya nemi ragi ko ya ƙi kayan. Don haka rubuta a imel ɗin ƙarara: zan aiko fata biyu daga kowace daraja, daga cikin kayan da zan loda. Daga cikin kayan da za ka loda, na maimaita. Kowace ka sa mata lamba da kwanan wata, ka ajiye irinta a wurinka a rufe. Ranar da gardama ta tashi kan launi ko kauri, ita za ka ɗauko.

Na uku... ko na huɗu ne? Hotuna biyu ko uku marasa nauyi, kada saƙon ya maƙale. Na'am, malama?

Tana tambaya wa zai biya kuɗin aikawa. Abin da aka saba, samfurin kyauta ne, kuɗin aikawa a kan mai saye, sai ki nemi lambar asusunsa na kamfanin aika kaya. Ki faɗa tun a wasiƙar. Kuma ko kyauta ne, ki haɗa da takardar farashi mai nuna ƙimarsa ta gaskiya, a rubuce cewa samfuri ne ba na sayarwa ba. In babu ita, kwastam na can za su riƙe kunshin, mai saye yana jira, ke kina zaton ya yi watsi da ke.