Yadda Ake Haɗa Takardar Lissafin Hutun Ma'aikata a Excel

Kada ku taɓa rubuta ragowar hutun ma'aikaci da hannu. Ku bar Excel ya fitar da ita daga buƙatun da aka amince da su, don duk ranar da aka yi gardama a ga inda kowace rana ta tafi.

Ku buɗe shafuka uku a Excel: Bukatu, Saura da Hutu. A shafin Hutu za ku jera ranakun hutun gwamnati. A Bukatu kuwa, kowace buƙata layinta daban: lambar ma'aikaci a A, ranar tafiya a B, ranar ƙarshe a C, yawan kwanaki a D, matsayi a E. Da lamba ake aiki, domin ofis ɗaya kan tara masu suna iri ɗaya. Ga abin da ke shiga D:

```
=NETWORKDAYS(B2,C2,Hutu!$A$2:$A$30)
```

Wannan yana cire Asabar, Lahadi da ranakun shafin Hutu. Hutun Sallah ba shi da tsayayyar rana, don haka da zarar gwamnati ta sanar sai ku shigar, in ba haka ba a ci wa ma'aikaci kwana biyu a banza.

A E, ku saka zaɓi uku ta Data Validation: An amince, Ana jira, An ki. Idan aka bar kowa ya buga yadda ya ga dama, harafi ɗaya da ya kauce ya isa ya sa lissafi ya tsallake layin.

Yanzu shafin Saura. A ce kamfani yana ba da kwana 24 a shekara, wato biyu duk wata. A2 ita ce lambar ma'aikaci, B2 ranar kama aiki. Ga lissafin kwanakin da ya tara, sai ku sauya 2025 da shekarar da kuke ciki:

```
=MIN(24,DATEDIF(MAX(B2,DATE(2025,1,1)),TODAY()+1,"m")*2)
```

Ku lura da wannan +1 ɗin. Idan babu shi, ranar 31 ga Disamba wata 11 kawai zai ƙirga.

Kwanakin da aka ci:

```
=SUMIFS(Bukatu!D:D,Bukatu!A:A,A2,Bukatu!E:E,"An amince")
```

Ku maimaita shi a wani gurbi da "Ana jira".

Mu gwada. Wata ma'aikaciya ta rage kwana 8 bara, amma ƙa'idar kamfani 5 kawai ake tsallakawa da su, don haka `=MIN(5,8)` ya ba ta 5. Ranar 30 ga Yuni ta tara 12, jimilla 17. An amince mata da 7, saura 10. Tana da 4 da ke jiran sa hannun shugaba, ke nan 6 kaɗai za ta iya nema yanzu. Wanda bai nuna wannan gurbin ba zai amince da buƙatu biyu a kan kwanaki guda.

A ƙarshen shekara, ku kwafi ragowar ta Paste Values zuwa sabon fayil, saboda SUMIFS ɗin nan bai san shekara ba. Hutun da ya fara a Disamba ya ƙare a Janairu kuma a raba shi layi biyu, kowace shekara ta ɗauki nata.