Buji Ya Yi Baƙi: Kafin Ka Taɓa Karburato

Laminu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Maradi. Ina tare da Malam Isuhu da ƙanenmu Habu, kuma yau buji za mu kwance. Malam, mai kabu-kabu ya shigo garaji, motonsa 125 yana cije-cije, safiya ta yi sai an yi ta bugu kafin ya tashi. An fiddo buji, ga shi baƙi ƙirin. Me ya kamata a fara yi?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Abin da za a fara yi shi ne a tambaye shi yadda ya iso. Buji ba ya ba da labarin mako guda, abin da injin ya yi a mintocin ƙarshe shi ne a fuskarsa. In mutum ya ratso cunkoson bakin babbar kasuwa a hankali, ya zo ya tsaya a ralanti minti goma yana gaisawa, ko lafiyayyen inji ne bujinsa zai yi duhu.

Habu: Saboda bai ɗau zafi ba ke nan, Malam.

Malam Isuhu: Ƙwarai. Kan buji sai ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 sannan yake ƙone dattin da ke maƙale masa da kansa. Ƙasa da haka baƙin hayaƙi taruwa yake yi. In kuma ya haura digiri 850 ko kusa da haka, shi da kansa yake zama garwashi, ya kunna mai tun tartsatsi bai zo ba. Launin da muke dubawa yana gaya mana a ina yake tsakanin waɗannan biyun.

Laminu: To Habu, faɗa mana yadda ake gwajin da za a yarda da shi.

Habu: To yaya. A sa buji mai tsabta, in da hali sabo, mai lambar da ta dace da injin. A hau moto a tafi da shi minti goma zuwa sha biyar har ya yi zafi sosai. Sai a sami hanya miƙaƙƙiya marar jama'a, kamar wajen gari ta hanyar Dan Isa, a riƙe wutar a wuri guda, a ce rabi, na kamar minti ɗaya zuwa biyu. Daga nan a kama kuloci a kashe makulli lokaci ɗaya, a gangara gefen hanya a tsaya. Kada a bar shi ya koma ralanti ko kaɗan, don zai ɓata abin da ake son gani.

Malam Isuhu: Ka ƙara da cewa a jira ya huce. Kan injin alminiyam ne, in aka kwance buji da zafi zaren ramin yana iya tsinkewa. Kuma a hure ƙurar da ke kewaye da buji kafin a sa kile, musamman yanzu da hunturu, in ba haka ba yashin cikin silinda zai faɗa.

Laminu: An fiddo shi. Ina ake duba, don da yawa zaren waje suke kallo?

Malam Isuhu: Zaren kusan kullum baƙi ne, ba ruwanka da shi. Farin tangaran ɗin da ya kewaye ƙarfen tsakiya za ka duba, a cikin hasken rana, ka karkata shi ka leƙa har can ciki. In ya yi launin ɓawon gyaɗa, ko toka-toka mai haske, kuma a bushe yake, mai da iska sun daidaita. Mayar da shi, kada ka taɓa komai.

Habu: Amma man yanzu ba shi da dalma, Malam, ba ya rina tangaran kamar na da.

Malam Isuhu: Gaskiya ne, shi ya sa sabon buji kan yi ɗan haske bayan gajeriyar tafiya, ba laifi ba ne. Motoci masu injakta kuwa bujinsu kusan fari yake fitowa alhali lafiya lau suke. Maganarmu ta yau ta masu karburato ce.

Laminu: Mu koma kan mai kabu-kabun nan. An yi gwajin yadda Habu ya ce, har yanzu baƙi ne.

Malam Isuhu: To sai ka sa yatsa. Baƙi iri uku ne, kuma yatsa da hanci ke raba su. In ka shafa ka ji a bushe, ya bar maka gari mai laushi a yatsa, mai ne ya fi iska yawa, ko wutar ba ta ƙone shi duka. In ya jiƙe, yana warin esansi, ka ajiye shi ya bushe nan da nan, man ya shiga amma tartsatsi bai kama ba. In kuma yana sheƙi, yana da maiƙo, ka ajiye shi bai bushe ba, wannan baƙin mai ne ya hau sama, kuma karburato ba shi da laifi ko kaɗan.

Laminu: A ce na wannan mutumin busasshe ne.

Malam Isuhu: To a nan ne ake yawan yin ɓarna. Yaro ya ɗauko sukudireba ya murɗe kusar karburato, ya ce ya rage shan mai. Ni abin yana damuna, domin wannan kusar ralanti take gyarawa zuwa kamar kwatan wuta kawai. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce ke aiki. Daga nan zuwa ƙarshe babban jiklar ne, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙaramin rami da mai ke bi ta cikinsa. In bujin ya yi baƙi a rabin wuta, murɗa kusa ba zai warkar da shi ba, sai dai moton ya daina tsayawa a ralanti.

Habu: Kuma kusar ma ba iri ɗaya ba ce. In tana ɓangaren filta, ta iska ce, ka sassauta ta ka ƙara iska. In tana ɓangaren inji, ta mai ce, ka sassauta ta ka ƙara mai. Wanda bai duba ba yana iya yin akasin abin da yake nufi.

Malam Isuhu: Shi ya sa ake bi daga mai sauƙi. Fara da cok, ka tabbatar yana komawa har ƙarshe. Sannan buɗe filtar iska. A garin nan, lokacin ƙura, sau da yawa nan maganar take ƙarewa: soson ya toshe, iska ba ta wucewa, injin yana zuƙar mai fiye da kima. A wanke soson, a bar shi ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse rarar. In na takarda ne, ba a wanke shi, canzawa ake yi.

Laminu: In filtar lafiya take fa?

Habu: Sai a duba kwanon karburato. In allurar fulota, wadda ke tsayar da mai in kwanon ya cika, ta ci ko datti ya tokare ta, mai yana cika fiye da iyaka, wani lokaci ka gan shi yana ɗiga ta tiyon ƙasa. Man kwalba da ba a tace ba yana kawo irin wannan dattin. Bayan haka a ciro babbar allura a duba kilif ɗinta. Yawanci tsagi biyar ne. A ce an iske kilif a tsagi na huɗu daga sama: allurar ta ɗaga, mai ya yi yawa. A mayar da shi na uku, a sa buji mai tsabta, a sake gwajin rabin wuta. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba.

Malam Isuhu: Kada a manta da wutar kanta. Jingina bujin a jikin inji, a riƙe shi ta robar hularsa, a buga. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake so. In ja-ja ne mai rauni, duba hula da waya da bobin, ka auna tazarar baki, wadda a irin waɗannan motoci 0.6 zuwa 0.7 na milimita ce. Sannan lamba. A tsarin NGK, lamba in ta hau, bujin ya fi sanyi. Yawancin 125 irin na CG D8EA suke ɗauka, ƙananan 110 kuma C7HSA. Ka sa mai sanyi fiye da kima a moton da ke yawo cikin gari, zai yi baƙi ko da karburato daidai yake.

Laminu: To wasu in baƙin mai ne sai su sa buji mai zafi don ya daina mutuwa.

Malam Isuhu: Wannan ɓoye ciwo ne. Baƙin mai ta hanya biyu yake hawa: ringin fistan ko robobin bawul. Dubi salansa. In shuɗin hayaƙi da safe yake fita ya ɗauke bayan ɗan lokaci, zargi robobin bawul. In kuma duk lokacin da aka ba da wuta yake tuɗaɗowa, ƙarfi ya ragu, man inji yana raguwa kafin lokacin juye, ringi ne ko silinda, kuma sai an buɗe.

Habu: Ni Malam, farin ya fi ba ni tsoro.

Malam Isuhu: Ya kamata ya ba ka. Baƙi kuɗin esansi da na buji yake ci, fari kuwa fistan yake ci. Mutumin nan in ya gaji da baƙin buji ya cire filtar gaba ɗaya, ko aka sa masa ƙaramin jiklar don tattalin mai, ya hau hanyar Tasawa da fasinja cikin zafin bazara, tangaran zai fito fari fat, wani lokaci da ƙuraje, bakin ƙarfen ya fara zagwanyewa. In ka ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar azurfa a jikinsa, alminiyam ɗin fistan ne ya fara narkewa. Kada a sake tayar da injin sai an gano dalili.

Laminu: In ba a taɓa filta ko jiklar ba amma ya yi fari?

Habu: Iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, yawanci robar da ke haɗa karburato da inji ta tsage, ko ƙusoshinta sun saki. Alamarta, ka saki wuta injin ya daɗe bai sauko ba, salansa tana tas-tas. Ka ɗan girgiza karburaton a ralanti, in ƙarar ta canza, ga wurin nan. Ko kuma man ne ba ya isowa: famfon tanki ya toshe, ko jiklar ya kama datti. A hure shi da iska, kada a zura masa waya, ramin zai faɗaɗa.

Malam Isuhu: Wajen mayarwa kuma, da hannu ake fara ɗaura buji har ya zauna, sannan a sa kile. In sabo ne, kamar rabin juyi ya isa ya danne wasa, wato zoben ƙarfen da ke gindin zarensa. In tsoho ne da aka taɓa ɗaurawa, ɗan motsi kaɗan kawai, don wasar ta riga ta kwanta.

Laminu: Mun gode Malam, mun gode Habu. Masu sauraro, a nan za mu dakata, sai Allah Ya kai mu shiri na gaba.