Bayan An Ce Maka "Muna Neman Mutum": Lacca Ga Masu Neman Aiki A Kaduna

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Abu huɗu na zo da su, duk a kan abin da ya kamata ka yi bayan ka dawo daga baje kolin ayyuka, ko ka haɗu da wani ma'aikaci ya ce maka akwai gurbi a wajensu. Ba sai taron ayyuka kaɗai ba. Ko kasuwar baje koli ta duniya da ake ci a hanyar Zariya, kamfanoni na kafa rumfuna, kuma irin wannan magana tana faɗowa a can.

Na farko, lokaci. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ka tura saƙo a ranar, ko washegari da safe, kada ya wuce kwana 2. Wanda ke zaune a rumfa ya ga fuskoki masu yawa, ya karɓi takardu jibgi guda, bayan mako ɗaya duk kun zama mutum ɗaya a kansa. Kuma kafin ka bar filin, juya katin da ya ba ka ka rubuta a bayansa: wane gurbi ya ambata, me kuka tattauna.

Na biyu, shi ne saƙon kansa, kuma a nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni. Ɗan'uwanmu ya samu lambar manaja, sai ya buɗe WhatsApp ya rubuta "Salam." Ya tsaya. Bayan awa biyu, "Ina wuni ranka ya daɗe." Washegari, "Ya iyali?" [dariya] Kuna dariya saboda kun san abin. Tarbiyya ce ta sa shi, don a gida an koya mana ba a faɗa wa babba buƙata kafin a gaisa, kuma gaskiya ne. Amma shi manajan lamba ce ya gani wadda bai sani ba, babu suna, babu dalili. Ba wulaƙanci ya sa ya yi shiru ba, bai san wa ke magana ba. Gaisuwa da buƙata su tafi tare, a saƙo ɗaya. Na sake faɗa: a saƙo ɗaya.

Bari mu ɗauki misali. A ce yarinya ce ta gama babbar difloma a fannin akanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ta yi bautar ƙasa. A rumfar wani kamfani da ke Kakuri ta haɗu da wata Hajiya, Hajiyar ta ce mai riƙe musu lissafin sito zai bar aiki ƙarshen wata. Ga abin da za ta rubuta:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Sunana wance, ni ce na tsaya a rumfarku jiya bayan azahar, muka yi maganar lissafin sito. Kin ce mai riƙe da shi zai tashi ƙarshen wata. Lokacin bautar ƙasa na yi wata 10 ina shigar da kayan da suka shigo da waɗanda suka fita a Excel, kuma duk ƙarshen wata ni nake haɗa ƙidayar sito da abin da ke littafi. Ga takardar bayanaina na haɗo. Don Allah wa ya dace in miƙa wa takardar neman aikin, kuma yaushe za a rufe karɓa? Na gode."

Ku dubi abin da ke ciki. "Jiya bayan azahar, maganar lissafin sito," wannan ya dawo wa Hajiya da fuskarta. Sannan ba ta ce ita haziƙa ce mai ƙwazo ba, kowa haka yake cewa. Aiki ɗaya ta nuna wanda ta taɓa yi da hannunta, kuma shi ne ainihin aikin da ake neman mai yi. Sai tambayar ƙarshe, wadda ita na fi so. Ba ta ce "ki taimaka min da aiki" ba. Wannan roƙo ne mai nauyi, kuma sau da yawa wanda aka tura rumfa ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba, in ka ɗora masa abin da ba ya hannunsa, kunya za ta sa ya ƙi amsawa gaba ɗaya. Amma "wa zan miƙa wa, yaushe za a rufe," wannan tana iya amsawa tana tsaye, cikin minti ɗaya.

Kuma amsar ce za ta gaya maka ko gurbin na gaske ne. In ta ce tura wa ofishin kula da ma'aikata kafin Juma'a, ko ta ba ka adireshin shafin da ake cikewa, to akwai aiki. In kuwa an tallata shi a shafi, sai ka cike a can, maganarku ta baki ba ta shigar da sunanka ba, ka cike sannan ka sanar da ita ka cike. In ta ce ana jiran amincewar shugabanni, gurbin yana nan amma ba a ware masa albashi ba tukuna, sai ka tambayi lokacin da ya dace ka sake tuntuɓa. In kuma amsar ita ce "za mu neme ka," babu suna babu rana, to fata ce kawai ta yi, ka ci gaba da nema a wani wuri.

Takardar kuma, don Allah, ba hoton da aka ɗauka a kan katifa ba, inuwar hannu ta rufe rabin rubutu. A mayar da ita PDF, shafi ɗaya ko biyu, a sa wa fayil ɗin sunanka, ba IMG da jerin lambobi ba. Kuma da harshen da kuka yi magana za ka rubuta. In da Turanci ta yi maka, ka rubuta da Turanci, ka ba wani ya duba kafin ka tura. Banda saƙon murya.

Ina muke, na uku ko na huɗu? Lokaci ya tafi, bari in haɗe su. In an yi shiru, ka jira mako ɗaya ka tura gajeren tuni a ƙarƙashin saƙon farko. Bayan mako 2 ka ƙara ɗaya, daga nan ka tsaya. A lokacin aiki, ba ƙarfe goma na dare ba, ba lokacin sallar Juma'a ba, ba safiyar Lahadi ba, kun san Kaduna kowa na da ranar ibadarsa. Banda filashin, ka kira ka katse wai shi ya kira ka.

Na ga hannu can. Bismillah, ƙanwata.

[Wata daga cikin mahalarta: Malam, ni na tura kamar yadda ka ce, ya amsa, amma ya ce in kawo kuɗin fom, kuma mu haɗu da yamma a wani wuri, ba ofis ba.]

Kada ki je, kuma kada ki tura ko sisi. Wanda zai biya ki albashi ba ya fara karɓar kuɗi a hannunki, balle a asusun mutum ɗaya. Ki rubuta masa cikin ladabi: "Na gode, zan fi so in kawo takarduna ofis a lokacin aiki, wane ofishi zan nema?" Na gaskiya zai ba ki adireshi nan take. In ya fara kwana-kwana, ki nemi lambar kamfanin daga shafinsu ko ki je ƙofarsu da rana, ke da yayanki ko wata ƙawa, ki tambaya ko suna ɗaukar mutum a wannan gurbin. Kada ki ba shi asalin takardun makarantarki, kwafi kawai ake miƙawa, kada ki ba shi lambar BVN ko wata lamba da banki ya turo miki a waya. Ki ajiye hotunan hirar, ki kai wa waɗanda suka shirya taron, su suka ba shi rumfa, ya kamata su sani. Bayan an tashi ki same ni nan gaba, ki nuna min saƙon mu duba tare.