Fodkas: Lambar da ke cewa kaya na asali ne, wa ya tabbatar da ita?

Hadiza: Barkanmu da warhaka. Malam Sani, na haska lambar QR a jikin kwalin magani, shafi ya buɗe da koren tambari wai na asali ne. Shi ke nan ko?

Malam Sani: Ina! Ai QR rubutu ne kawai da aka mayar ɗigo-ɗigo, yawanci adireshin shafi. Kowa na iya ƙera shi kyauta. Mai jabun kaya sai ya buga tasa lambar, ya gina nasa shafin, shafin kuma ya yabi kayansa.

Bilya: Wato ɓarawo ne ya kawo shaidarsa.

Malam Sani: Haka ne. Don haka kafin ki danna, ki karanta adireshin da waya ta nuna. A ce shafin kamfanin `example.com` ne. In kin ga `verify.example.com/123`, nasu ne. In kuwa `example.com.check-item.net/123` ne, ba nasu ba ne. Ki nemo sandar `/` ta farko bayan sunan, ki duba abin da ke manne da ita ta hagu. Shi ne mai shafin.

Hadiza: To alamar kwaɗon nan fa, da `https`?

Malam Sani: Hanyar kawai ta kulle, ba ta ce mai shafin na kirki ba ne. Shi ma mayaudari yana samunta.

Bilya: Malam, ni na fi yarda da ta kankarewa.

Malam Sani: Ta fi ƙarfi kam, domin kowane kwali da lambarsa, kuma a rufe take. Amma da sharaɗi. Murfin azurfar ya zama ba a taɓa shi ba. Sannan inda za ka tura lambar, ka samo shi daga shafin kamfanin ko na hukumar da ke kula da kayan, ba daga kwalin kaɗai ba. In amsa ta zo, ka gwada sunan kayan da kwalin hannunka, haka lambar rukuni da ranar lalacewa in an turo su. In aka ce an riga an yi amfani da lambar, ke nan wataƙila kwafarta aka yi.

Hadiza: Ni wani gwaji nake yi: in canza lamba ɗaya da gangan in tura.

Malam Sani: Madalla, Hajiya. Shafin da ya amsa lambar ƙarya da "na asali ne", kin kama shi. Kuma duk wanda ya nemi kalmar sirri, lambar katin banki, ko ki sauke manhaja daga nan, ki rufe shi.

Bilya: In komai ya yi daidai fa?

Malam Sani: To an tabbatar da lambar, ba abin da ke ciki ba. Ana sake cika kwalin asali, don haka a duba hatimin baki ko an taɓa ɓalle shi.