Maganin gara kafin a zuba kankaren ɗaki: a ina ake yin kuskure?

Assalamu alaikum. Da yawanku kun turo mana hoton nan da ke yawo a waya, na sabon gidan da gara ta cinye ƙyauren ɗakinsa, mai gidan kuma yana rantsuwa cewa an yi feshi kafin a zuba kankare. Wasu suka ce maganin jabu ne, wasu suka ce ai gara ba ta jin magani. Ni dai na yarda an yi feshin. Yadda aka yi shi ne abin dubawa, shi ya sa muka zo wannan ginin da ake yi a wani ƙauye kusa da Ringim.

Gara a ƙarƙashin ƙasa take zaune, kuma ba ta cin kankare. Hanya take nema: tsagar da ke tsakanin daɓe da bango, gefen bututun ruwa, ko inda siminti ya dare. Tsagar da ba ta wuce milimita 1 da ɗoriya ba ta ishe ta wucewa. Aikin magani shi ne ya kama ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen gaba ɗaya, ta yadda duk inda garar ta ɓullo sai ta ratsa ƙasa mai magani.

Shirin farko ba wuya. A tsince saiwoyi, kututture, turakun awo da guntayen katako. A zuba ciko, a daddaɓe shi, mai famfo ya gama binne bututunsa. To, tsaya nan.

Kun ga wannan yaron da injin feshi a bayansa? Haka akasari ake yi. Tanki ɗaya, lita 16, a zagaye gida duka ana watsa raɓa kamar ana feshin wake, wari ya tashi, maigida ya ji daɗi ya biya. Wari ba shi ne aiki ba. Ganyen wake sama-sama ake so a jiƙa, amma a nan ƙasa ake so ta sha, maganin ya nutse ya kama ƙwayoyinta. Ma'aunin da masu wannan sana'a ke bi shi ne lita 4 zuwa 5 na haɗaɗɗen magani a kan kowace murabba'in mita.

Mu yi lissafi da wannan ɗakin. Ƙafa 12 ne ta kowane ɓangare, wato murabba'in mita 13 ke nan. A lita 5, zai sha lita 65. Tankin yaron nan sau huɗu, a ɗaki ɗaya tak. Kuma ba a gama ba, domin gindin bango ya fi ko'ina haɗari. Ana ɗan tona kwari a bi bangon ta ciki, a zuba kamar lita 5 a kowace mita. Zagayen ɗakin nan mita 14 ne da 'yan kai, wani lita 70 ɗin ke nan. Mai zubawa kuma ya riƙa tsayawa a gindin kowane bututu yana tuttulawa. Idan gida mai ɗaki uku da falo aka ce an gama shi da jarka biyu, wallahi ba a yi ba.

Wani zai ce, to bari in ƙara ƙarfin maganin in rage ruwan. Malam, ba a haka. Ruwan ne ke ɗaukar maganin ya kai shi ciki. In ka rage shi, maganin zai tsaya a fatar ƙasa, nan ya yi yawa, can babu ko ɗigo, gara kuwa wurin da babu take nema. A bi awon da ke jikin kwalba wajen haɗawa, a cire kan feshin nan mai fitar da hazo, ko a yi amfani da butar ban ruwan lambu.

Ƙasarmu ma tana da magana. Rairayi irin na Gumel da Maigatari nan da nan yake shanyewa, sai a tafi a hankali kada wani wuri ya sha wani ya tashi a bushe. Ƙasar laka irin ta fadamar Haɗeja kuwa ruwa kwanciya yake a kanta, sai a raba zubin biyu. Idan an yi ruwan sama ƙasa ta jiƙe sharkaf, a jira ta tsane. Idan hadari ya haɗo, a bari sai gobe.

Sai kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni takaici, saboda an riga an kashe kuɗin. An zuba magani yadda ya kamata, sai birkila ya ga wani lungu bai daidaita ba, ya sa lebura ya kawo baro biyu na ƙasa, ko ya ja shebur ya baje. Shi ke nan, an yaga shingen da maganin ya yi. Ko kuma a bar wurin a buɗe mako guda ana jiran siminti, rana tana dukansa. Magani shi ne aiki na ƙarshe. Da ya tsuma a shimfiɗa leda, a zuba kankare a ranar ko washegari. Duk inda aka sake taɓawa, a sake jiƙa shi. Shawarata, kada mai magani ya zo sai siminti da tsakuwa da yashi suna wurin.

Wane magani? Ga sunayen: Fipronil, Imidacloprid, Bifenthrin. Na ƙarshen korar gara yake yi, don haka in an bar giɓi za ta lalubo shi. Biyun farko ba ta gane suna wurin, sai ta ratsa ta kwasa a jikinta, ta kai wa 'yan uwanta. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Fiya-fiya kuwa cikin 'yan kwanaki take bin iska, baƙin mai kuma ƙasa kawai yake ɓatawa. Mai zubawa ya sa safar hannu, takalmin roba da takunkumi, a kore yara da awaki, kada a wanke kayan kusa da rijiya, kuma jarkar da ta ɗauki magani ta gama da ruwan sha har abada. In rijiya tana dab da ginin, a nemi masani kafin a zuba komai.

Shekara nawa yake yi? Dattawa za su ce na da ya fi, kuma gaskiyarsu ne. Irin su Aldrin da Dieldrin sukan yi shekara 20 ko fiye a ƙasa, amma wannan daɗewar ce ta sa suke taruwa a jikin mutum da dabba, har yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana su. Na yanzu, in an yi daidai, a sa ran shekara 5, a ƙarƙashin kankare inda babu rana babu ruwa yakan kai har wajen 10. Wanda ya ce maka na har abada ne, ciniki yake nema.

Maganin bayan bango, wanda ake zubawa a kwarin da aka tona aka zagaye gidan bayan an gama gini, shi ne ke fara mutuwa, saboda ruwan indararo da zafin rana. Kuma ranar da aka ƙara ɗakin amarya, ko aka yi dakali, ko aka jingina kara da itacen girki a bango, an yi wa gara gada. Saboda haka duk farkon damina a zagaya a duba. Ga alamun: zanen ƙasa yana hawa bango, katakon ƙofa yana ƙarar holoƙo in an ƙwanƙwasa, ko shinge, wato gara mai fiffike, yana fitowa daga cikin ɗaki bayan ruwan fari. In an ga haka ba sai an fasa daɓen ba. Ana huda shi a bi gindin bango, tazarar kamar ƙafa ɗaya tsakanin rami da rami, a ɗura magani, a toshe da siminti, sannan a sabunta na waje.