Yadda ake sa Excel ya ware kuɗin da ya fita daga asusu da kansa

Assalamu alaikum jama'a. Abin da kuke gani a allo bayanin asusun banki ne na wata guda, na misali, irin na mai shagon kayan masarufi a Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Kowane layi da kwanan wata, da kuɗi, da ɗan rubutun da banki ke liƙawa a gefe. Tambayar mai shago ita ce: nawa ya tafi a mai, nawa a wuta, nawa banki ya cire? Banki kuwa bai ware masa ba, jerowa kawai ya yi.

Waɗansu sukan rubuta doguwar fomula, IF cikin IF, kowace kalma a cikinta. Ranar da aka samu sabon wurin sayen mai, sai an buɗe fomular an yi mata tiyata. Mu ba haka za mu yi ba. Kalmomin za su zauna a teburinsu daban, fomula kuma guda ɗaya ce, ba za mu sake taɓa ta ba.

Ku buɗe sabon shafi, ku yi kwalam biyu: Kalma da Rukuni. POS, rukuninsa Sayayya. MTN, Kati. GLO shi ma a layinsa, Kati. KEDCO, Wuta. NNPC, Mai. VAT, Cajin banki. Sai ku danna Ctrl+T ya zama teburi, ku sa masa suna Jerin. Amfanin mayar da shi teburi shi ne, duk kalmar da kuka ƙara a ƙasa, fomula za ta gan ta.

Mu koma shafin asusu. Rubutun banki yana kwalam B, don haka a layi na biyu sai mu rubuta:

```
=IFERROR(LOOKUP(2^15,SEARCH(Jerin[Kalma],B2),Jerin[Rukuni]),"A duba")
```

Mu bi ta daga ciki. SEARCH na ɗaukar kalmomin teburin ɗaya bayan ɗaya, yana neman su cikin rubutun B2, kuma babu ruwansa da babban baƙi ko ƙarami. In ya samu kalma, sai ya faɗi a harafi na nawa ta fara. In bai samu ba, ya ba da kuskure. Ga layinmu na farko:

```
POS PURCHASE NNPC KATSINA
```

POS ya ba da 1, NNPC ya ba da 14, sauran duk kuskure. Daga nan LOOKUP ya karɓa. Mun aike shi neman 2^15, wato 32,768, alhali akwati ɗaya a Excel ba ya ɗaukar fiye da haruffa 32,767. Da gangan muka aike shi neman abin da babu. In bai samu ba, sai ya tsallake kurakuran, ya tsaya a lamba ta ƙarshe da ya gani, ya ɗauko rukunin da ke daidai da ita. In kuma babu ko ɗaya, IFERROR ya rubuta "A duba".

To, ku riƙe wannan da kyau, domin a nan aikin yake: ta ƙarshe ce ke ci. Ba wadda ta fi tsawo ba, ba wadda ta fara zuwa cikin rubutun banki ba, a'a, wadda ta fi zama ƙasa a teburi. A layin nan kalmomi biyu suka dace, amma NNPC na ƙasan POS, shi ya sa aka samu Mai, kuma daidai ke nan. Bari in ɗauko POS in kai shi can ƙasa ku gani. Kun ga ni? Kuɗin mai gaba ɗaya ya koma Sayayya, kuma Excel bai ce uffan ba. Irin wannan kuskuren ya fi wanda ake gani ƙuru-ƙuru haɗari, tunda lissafi na fitowa tsaf, sai dai ƙarya ne.

Saboda haka kalmomin gama-gari irin su POS da TRF, waɗanda ke faɗin hanyar da kuɗi ya bi kawai, su hau sama. Waɗanda ke faɗin wanda aka biya su sauko ƙasa. Cajin banki kuwa shi ne a gindi. Dalili? A wasu bankunan, layin caji kan maimaita sunan wanda aka tura wa kuɗi. In an biya wuta, sai ka ga wani ɗan layi a ƙasa ɗauke da VAT da KEDCO tare. Wannan ba wuta ba ce, caji ne, don haka dole VAT ya kasance ƙasan KEDCO. Kuma don Allah kada wani ya zo ya jera teburin nan daga A zuwa Z wai don ya yi kyau.

Matsala ta biyu, gajeriyar kalma mai ɓuya cikin doguwa. Ku dubi wannan:

```
CASH DEPOSIT
```

Kuɗi ne mai shago ya zuba a asusu, amma an ce Sayayya. Ku ƙura wa DEPOSIT ido, akwai POS a cikinsa, daga harafi na 8 na layin. Haka VAT ke cikin PRIVATE, sai kuɗin makarantar yara ya zama cajin banki. GLO kuma na cikin GLOBAL, ga shi shaguna masu wannan suna ba su ƙirguwa.

Maganinsa a sa wa kalma fili gaba da baya, a sa wa rubutun banki shi ma, sannan a mayar da alamar / ta zama fili, tunda bankuna na yawan raba kalmomi da ita. Sai ku canja SEARCH ɗin ciki da wannan:

```
SEARCH(" "&Jerin[Kalma]&" "," "&TRIM(SUBSTITUTE(B2,"/"," "))&" ")
```

Yanzu POS ba zai dace ba sai in shi kaɗai ne tsaye. Amma akwai farashi: in banki ya manne kalma da lamba, kamar MTN0803, ba za a gan ta ba, sai layin ya faɗa "A duba". Ni na fi son haka. Layin da ya ce bai sani ba, zan gan shi in gyara.

Wani abin da ke tayar wa mutane hankali shi ne a wayi gari kwalam ɗin rukuni duk ya zama 0. In da fomular farko kuke aiki, ku leƙa ƙarshen teburi, za ku tarar da layi fanko. SEARCH na ɗaukar fanko a matsayin abin da ke cikin kowane rubutu, ga shi kuma shi ne na ƙarshe, sai ya cinye kowa. Ku goge layin baki ɗaya, ba rubutun ciki kawai ba.

Ta yaya za ku gane layukan da ake rigima a kansu? Ku ƙara kwalam ɗaya na gwaji:

```
=SUMPRODUCT(--ISNUMBER(SEARCH(Jerin[Kalma],B2)))
```

Wannan na ƙirga kalmomi nawa suka dace da layin. In kun sa fili a babbar fomula, nan ma ku sa. Ku tace waɗanda suka ba da 2 ko fiye, ku bi su da ido, nan ne jerin teburi ke yanke hukunci. Waɗanda suka ba da 0 kuma su ne za su nuna muku kalmomin da za ku ƙara.

Akwai inda wannan hanya ba ta kaiwa. In mai shago ya je wajen mai POS a babbar kasuwa ya ciri naira dubu hamsin, ya sayi buhun sukari da wani ɓangare, ya kai saura gida, rubutun banki POS kawai zai nuna. Haka in ɗan'uwa ɗaya ake tura wa kuɗin kaya yau, gobe gudummawar biki. Irin waɗannan sai ku buɗe kwalam na gyaran hannu kusa da fomula, ku rubuta rukunin da kanku, kada ku rubuta a kan fomular. Lokacin tara jimilla sai a ce in akwai na hannu a ɗauke shi, in babu a ɗauki na fomula.